Yadda Ake Gano Jimillar Albashi Daga Abin da Ake Son Ya Shigo Hannu

Albashin da ake rubutawa a takardar ɗaukar aiki daban ne da kuɗin da ke faɗowa asusu a ƙarshen wata, domin sai an zare fansho da haraji. Saboda haka ma'aikaciyar jinya da wani asibiti mai zaman kansa a Birnin Kudu ke zawarci, wadda take son naira 200,000 su riƙa shigo mata, daga ƙarshe za ta faro lissafi ta yi baya.

Da farko ana mayar da kuɗin na shekara, domin a kan shekara ake yanka haraji: 2,400,000 ke nan. In akwai adashen ma'aikata ko bashin da za a riƙa zara, a nan ake ɗora su, tunda ba sa rage haraji.

Sai a duba matakin harajin. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026 ta yafe naira 800,000 na farko, miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18. Wanda ya cike matakin kashi 15, 2,670,000 ke rage masa, don haka buƙatar ma'aikaciyar ba ta fita daga wannan mataki ba.

Yanzu a ware 800,000 gefe, saura 1,600,000. Wannan saura shi ne kashi 85 na kuɗin da aka yi wa haraji, sai a raba shi da 0.85, ya ba da 1,882,353. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe: sukan ɗora kashi 15 a kan 1,600,000 su sami 1,840,000, su ɗauka an gama. In aka cire haraji daga wannan, 1,564,000 ne ke saura, an yi asarar 36,000 a shekara tun kafin a fara aiki. A mayar da 800,000 ɗin, jimla 2,682,353.

Saura fansho. Dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 na tushen albashi da alawus na gida da sufuri, kuma kafin haraji ake cire shi. In waɗannan uku su ne dukan albashin, a raba 2,682,353 da 0.92, a sami 2,915,601, wato kusan 243,000 a wata. Wannan za ta nema a rubuta mata. Kashi 10 da mai asibitin zai zuba mata a asusun fansho daga aljihunsa ne, kada a bari ya cusa shi cikin wannan adadi.

Kafin sa hannu a gwada lissafin ta gaba: fansho 233,248, haraji 282,353, saura 2,400,000 cif. Mai zaman haya kuwa ana yafe masa haraji a kan kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyaka 500,000. In hayar 300,000 ce a shekara, 860,000 za a ware gefe maimakon 800,000.