Sunan Ɗanfodiyo a Gaban Baƙon Mai Karatu: Matsalar Rubutu da Furuci

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya rubuta maƙala don mutanen wata ƙasa yakan yi karo da matsalar sunaye. Idan ya rubuta suna bisa ƙa'idar Hausa, baƙo ya kasa furtawa. Idan ya sassauta masa, sunan ya jirkice. Wannan maƙala za ta ɗauki suna guda, watau na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817), ta nuna inda baƙo yake tuntuɓe da kuma yadda za a taimake shi ba tare da an ɓata sunan ba.

2.0 Suna Ɗaya, Rubutu Barkatai

Mahaifin Shehu sunansa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, wanda ke nufin malami a Fulatanci. A littattafansa na Larabci Shehu yakan ambaci kansa da wanda aka sani da Ibn Fudi. Daga nan kowane harshe ya ja sunan zuwa ga tsarinsa. Manazarta Larabci na Turai sukan rubuta Uthman ibn Fudi. Masu rubutu da Ingilishi sun fi sabawa da Usman dan Fodio, amma Mervyn Hiskett ya sa Usuman dan Fodio a kan littafinsa na 1973, The Sword of Truth. Faransawa kuwa Ousmane suke rubutawa. Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975, da aka sake mata suna a 1988, sai ta ɗauki Usmanu Danfodiyo.

Ga Bahaushe duk wannan ba abin damuwa ba ne, domin ya san mutum ɗaya ake nufi. Amma baƙon da ya karanta Ibn Fudi a littafi ɗaya, ya ga Ɗanfodiyo a wani, ba shi da hujjar haɗa su. Yana iya ɗauka malamai biyu ne, ko kuwa ya nemi ɗaya a ɗakin karatu ya rasa, alhali littafin yana nan a ƙarƙashin ɗaya sunan.

3.0 Ƙirar Sunan

Tuntuɓe na farko yana ga ƙirar sunan. Bature ya saba da sunan yanka da sunan iyali, saboda haka da ya ga Usman dan Fodio sai ya yi masa irin wannan rabo. Wani ma yakan zaci Dan gajeren Daniel ne, Fodio kuma sunan iyali. Gaskiyar magana ita ce kalmar ɗa ce aka liƙa mata harafin mallaka -n, daidai da ibn a Larabci. Cire ta yana sauya mutumin da ake magana a kansa, domin wanda ya ce Fodiyo ya yi jihadi a 1804 ya jingina aikin ɗa ga uba.

Ana gane wannan kuskure a jerin sunaye na ƙarshen littafi, inda za a tarar da Shehu a ƙarƙashin harafin F. Kuma shi kansa Ɗanfodiyo bai keɓanta ga Shehu ba, tun da ƙanensa Abdullahi shi ma ɗan Fodiyo ne. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa ba a kiransa da wannan suna. Jimla ɗaya tak da ta bayyana wannan tsari ta isa ta raba baƙo da ruɗani.

4.0 Furuci

Abin da ya fi amfani ga baƙo shi ne a rarraba masa sunan gaɓa-gaɓa: Ɗan-fo-di-yo. Bayan haka sai a tsaya a kan wurare uku.

Na farko shi ne ɗ. Wannan baƙi haɗiyau ne, watau maƙogwaro yana yin ƙasa lokacin furta shi, kamar ana jan iska ciki. Ingilishi da Faransanci ba su da shi. Ya kamata a gaya wa baƙo cewa ƙugiyar tana bambanta ma'ana, kamar yadda ake gani tsakanin daka da ɗaka, ko kafa da ƙafa. Sai dai rubutu ba ya koyar da maƙogwaro. Idan baƙo ya furta d, za a gane shi, kuma babu laifi a faɗa masa haka.

Na biyu shi ne n da ke gaban f. A bakin Bahaushe naso yana mayar da ita m, sai a ji Ɗamfodiyo, ko da yake n ake rubutawa. Baƙon da bai san wannan ba, idan ya ji an faɗi sunan, yana iya zaton an yi kuskure a rubutun.

Na uku shi ne f. Bature yana furta tasa da haƙoran sama da leɓen ƙasa, Bahaushe kuwa da leɓɓa biyu yake yin tasa. A gaban wasalin o ko u takan koma h, kamar a fuɗu da huɗu. Shi ya sa baƙon da ya je Sakkwato zai iya jin ana cewa Ɗanhodiyo. Daɗin daɗawa, a gargaɗe shi kada ya danna gaɓa ɗaya ya haɗiye sauran kamar yadda Ingilishi yake yi, domin Hausa da karin sauti da tsawon wasali take aiki.

5.0 Ƙugiya da Na'ura

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma har yanzu suna da sarƙaƙiya a na'ura. A tsarin Unicode lambar ɗ ita ce U+0257, ta Ɗ kuma U+018A. Abin lura a nan shi ne, é ta Faransanci ana iya warware ta zuwa e da alamarta, amma ɗ harafi ne mai zaman kansa wanda ba ya warwaruwa zuwa d. Saboda haka a manhajoji da yawa, wanda ya buga Danfodiyo ba zai sami maƙalar da aka rubuta Ɗanfodiyo kaɗai ba. Maganin wannan shi ne sunan ya fito ba ƙugiya, ko da sau ɗaya ne, a taƙaitaccen bayanin maƙalar.

6.0 Matakan Aiki

Marubuci zai zaɓi rubutu ɗaya ya riƙe shi daga farko har ƙarshe. A wurin da sunan ya fara fitowa, zai sa ɗan bayani da harshen mai karatu, mai ɗauke da abu kamar haka:

Usmanu Ɗanfodiyo, watau Usmanu ɗan Muhammadu Fodiyo. Ana furta shi Ɗam-fo-di-yo. Shi ne Usman dan Fodio da Uthman ibn Fudi na wasu littattafai.

A jerin sunaye kuwa, babban shigi zai zauna a ƙarƙashin Usmanu, sannan a sa Fodio da Ibn Fudi da Uthman, kowanne yana tura mai karatu can. Sunan littafin wani da sunan hukuma ba a taɓa su. Rubutun Hiskett zai zauna yadda ya buga shi, haka kuma na jami'ar, domin da waɗannan haruffa ne za a neme su.

7.0 Kammalawa

An ga cewa wahalar baƙo ta fi yawa wajen gane ƙirar suna da haɗa rubuce-rubucensa, fiye da wajen furta shi. Furuci mara ƙugiya ba ya hana a gane mutum, amma yanke ɗan daga Fodiyo yana kai mai karatu ga wani mutum dabam. Wannan hanya za ta yi aiki ga sunaye irin su Ɗanmasani da Ɗanmarina, waɗanda ƙirarsu ɗaya ce da ta Ɗanfodiyo.