Gwauron Da Ba A Yi Wa Tashe

A Kara, can wajen Gwarzo da Kabo, in watan azumi ya kwana goma sai yara su fara tashe, kamar yadda ake yi ko'ina a ƙasar Hausa. Wasan da muka fi so shi ne tashen gwauro. A birnin Kano har sarauta gare shi, ta Nalako Sarkin Gwagware, wanda kan kamo gwauro ya zaga gari da shi ana kiɗa. Mu kuwa gwangwani da bakinmu kaɗai gare mu.

To, amma gwauro iri-iri ne. Akwai wanda matarsa ta yi yaji saboda rowarsa ko faɗansa. Wannan namanmu ne, domin shi ya jawo wa kansa, in kuma ya gyara hali gobe biko zai yi ta dawo. Akwai tuzuru mai abin hannu da ya ƙi aure, shi ma ba a raga masa. Amma akwai wanda rashi ya hana shi tara sadaki, da wanda mutuwa ta raba shi da matarsa. Sunan ɗaya ne, amma waɗannan biyun ba zaɓarsu ba ce, dariya kuwa ba za ta gyara musu kome ba.

Wata shekara mun taɓa yin wannan wauta. Muka tsaya ƙofar wani manomi wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa da damina, muka yi ta buga gwangwani. Ka san gwauron gaske yakan fito da sanda yana zagi, rabin fuskarsa dariya, maƙwabta suna leƙe suna shewa. Ran nan ba wanda ya leƙo. Mutumin ya fito shiru, ya miƙo mana gero a ƙwarya, ya koma ciki. Da safe kakata, wadda kullum nake tsokana tana ramawa, ta sa na mai da geron da hannuna, ta ce in yi masa gaisuwar rashi. Ban taɓa jin nauyin ƙwarya kamar na ranar ba.

Tun daga nan na lura da yadda manya ke tafiyar da nasu wasan. Bakano da Bazazzagi sa wuni suna gardamar wane ne bawan wani, haka Bafillace da Babarbare, amma in abokin wasa gurgu ne ba ka jin an ambaci ƙafarsa, in yana jinya kuma sai dai sannu. Ko a tashe, yaro yakan liƙa gemun auduga ya ɗauki allo ya kwaikwayi malamin da aka kama yana rawa. Halin malamin ake yi wa dariya. Yaron da ya kuskura ya kwaikwayi karatun da ke kan allon kuwa, kafin ya kai gida labari ya riga shi.