Daga ina ka samo? Darasi kan ambaton madogara

Duk wanda ya zauna ajin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an ji isnadinta, wato wane ya ji daga wane. Ambaton madogara a rubutu ɗan'uwan wannan ne. Idan muka faɗi inda muka samo magana, mai karatu zai iya zuwa ya duba da idonsa, mai maganar ya samu haƙƙinsa, kuma a rarrabe abin da muka ɗauko da abin da yake ra'ayinmu. In kuskure ya shigo, sai a gane ko daga littafin ne ko daga wajen kwafarmu.

Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa, kuma kowace da tunaninta. Bari mu gwada su da misali ɗaya. A ce muna rubutu kan ƙamusoshin Hausa. Mun fara da ƙamusun Paul Newman na 2007, sai muka koma na Bargery na 1934, sannan na Abraham na 1949, a ƙarshe muka sake komawa ga Newman.

Hanya ta farko ita ce suna da shekara, wadda ake yawan kira tsarin Harvard. A ƙarshen jimla sai mu sa (Newman 2007), gaba kuma (Bargery 1934). In kalmomin marubucin muka ɗauko daidai, sai mu ƙara lambar shafi. A ƙarshen rubutu ana jera littattafan bisa haruffan sunaye, don haka Abraham ne farko, sai Bargery, sai Newman, ko da yake da Newman muka fara. Tunanin tsarin shi ne mai karatu ya san wa ya faɗa da yaushe ya faɗa tun yana cikin jimlar. Da ya ga 1934 da 2007, ya san akwai shekara 73 tsakani, ba zai yi mamaki ba in wata kalmar zamani babu ita a Bargery. In marubuci ɗaya yana da littafi biyu a shekara ɗaya, sai a rarrabe su da harafi, kamar 2007a da 2007b.

Hanya ta biyu ita ce ta lambobi, kamar tsarin Vancouver da mujallun likitanci ke bi, wanda ya samo suna daga taron editocinsu a wannan birni na Kanada a 1978. A nan kowane littafi yana samun lamba bisa lokacin da ya fara fitowa a rubutun. Newman zai zama [1], Bargery [2], Abraham [3]. Da muka sake komawa ga Newman, ba za mu ba shi [4] ba, yana nan a [1] ɗinsa. Jerin ƙarshe kuma lambobi yake bi, ba haruffa ba. Tunanin shi ne kada sunaye su cika jimla, musamman inda magana ɗaya ta jingina da bincike biyar ko shida. Sai dai lamba ba ta faɗa maka komai sai ka juya zuwa ƙarshe.

To, ina ake samun matsala? A tsarin lambobi, a ce mun gama sai muka saka wani sabon littafi a sakin layi na farko. Shi ne zai zama [1], Newman ya koma [2], Bargery [3], Abraham [4]. In muka gyara jerin ƙarshe muka manta da wata lamba a tsakiya, sai a jingina wa Newman maganar Bargery, kuma ido ba ya kama wannan. Maganinsa shi ne a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kowace a buɗe littafinta a ga ko maganar tana ciki. Kuma in ka ga [4] ya fara fitowa kafin [3], to akwai gyara.

Shi kuwa tsarin suna da shekara, tsofaffin littattafai ne ke ba shi wuya. Imam Bukhari ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira. In muka sa shekarar bugun da ke hannunmu kusa da sunansa, sai ya zama kamar marubucin zamaninmu ne. Shi ya sa a hadisi ake faɗin kitabi da babi da lambar hadisin, a kuma faɗi bugun, domin lambobin kan bambanta daga wani bugu zuwa wani.

Kafin mu fara rubutu, mu tambayi malam wane tsari yake so, mu tsaya a kansa har ƙarshe, kada mu haɗa biyun. Kuma duk littafin da muka buɗe, mu rubuta sunan marubucinsa da shekara da shafi nan take, tun kafin mu mayar wa mai shi. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.