Karkarwar Sarbo a Mazubin Abincin Kyanwa

Mai haɗa wa kyanwarsa mazubin abinci a Unguwar Rimi, in ya ga sarbo SG90 na karkarwa, ya fara tuhumar wuta kafin ya zargi motar. Idan ƙwayar abinci ta maƙale a ƙofa, SG90 kan ja fiye da 500mA, iyakar abin da Arduino Uno ke samu ta USB ke nan. Sai ƙarfin wutar ya faɗi, allon ya rikice ko ya sake tashi. Maganin shi ne a ba sarbon cajar 5V 2A tasa daban, a haɗa GND ɗinta da na Arduino, sannan a sa kafasita 470µF daf da motar.

Wani zai ce ai ya yi haka, amma sarbon bai daina gunji ba. To, wannan dabam ne: sarbon yana ta ƙoƙarin kai wa kusurwar da ƙofa ta hana shi. A rage umarnin daga 180 zuwa 170, a kuma kira `detach()` rabin daƙiƙa bayan rufewa. Sai dai daga nan sarbon zai saki riƙo, don haka dole ƙofar ta zama mai zamewa gefe, wadda nauyin abinci ba zai tura ba.