Jabun Taki da Mutuncin Kasuwa: Jawabi ga Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Haɗeja

Sarkin Kasuwa, shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan uwa 'yan kasuwa, Allah ya ƙara albarka a nema. Kayan jabu sun shiga kowane layi na kasuwa, tun daga magani har zuwa man inji, amma zan tsaya a kan takin zamani, domin shi ne hajar da arzikin ƙasar Haɗeja ya rataya a kanta. Manomin shinkafa a Auyo, da mai tattasai da albasa a fadamun Guri da Kirikasamma, duk a hannunmu suke sayen taki. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne: jabu asara ce ta kasuwa baki ɗaya, kuma ba mai iya tare ta sai mu da kaya ke sauka a ƙofar rumbunanmu.

Mu fara da lissafi. Buhun yuriya kilo 50 ne, kuma lambar 46 da ke jikinsa tana nufin kashi 46 cikin ɗari na abin da ke ciki naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, shinkafa ta yi 'ya'ya. Ke nan buhu na gaskiya yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. To, a ce wani ya farke buhun, ya ɗebe kilo 10, ya cika da farin yashi, ya sake ɗinkewa. Nauyi bai canja ba, sikeli ba zai tona shi ba, amma naitirojin da ya rage kilo 18 ne da 'yan kai. Manomin da ya sayi buhu biyar, huɗu ya kai gona. Ba zai gane ba sai bayan mako biyu, ya ga ganyen ƙasa yana rawaya, shinkafa ta ƙi yin toho. Kafin ya nemo kuɗin wani buhun, lokacin zuba taki ya wuce. Asararsa ba ta tsaya a kuɗin buhu ɗaya ba, ta haɗa da kuɗin man injin ban-ruwa, da ladan 'yan ƙwadago, da bashin da ya ci da niyyar biya in ya yi girbi.

Daga nan cutar take dawowa kanmu. Manomin da aka cuta ba shi da hanyar rarrabe mai gaskiya da maha'inci, saboda buhunan kamarsu ɗaya. Don haka sai ya ɗauki kowa abin zargi: ko ya ƙi biyan farashin taki mai kyau, ko ya haɗa kuɗi da maƙwabtansa su aika Kano. Mai jabu yana iya sauke farashi tun da yashi ya sayar, mai gaskiya kuwa in ya bi shi ƙasa ya karye. A hankali kaya mai kyau ya bar kasuwa, jabu ya gaje rumfa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Addini ma ya riga mu: a hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tulin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai hajar da ya ɓoye jiƙaƙƙen. Mu lura, hannu ya sa har ciki, bai tsaya ga kallon sama ba.

Ga yadda za mu sa namu hannun. Ƙungiya ta naɗa mutum biyar, a riƙa sauya su duk wata uku, kuma kada wani ya duba kayan kansa ko na ubangidansa. Duk motar taki da ta iso, kafin 'yan dako su gama saukewa, a rubuta lambar mota, da sunan dila, da lambar rasit a littafin ƙungiya. A cikin buhu ɗari a zaɓi goma, daga gaba da tsakiya da ƙarshen lodi, kuma masu duba ne za su nuna, ba mai kaya ba. A ɗora kowanne a sikeli. A duba bakin buhu: in akwai tsofaffin hujojin allura kusa da sabon zare, an taɓa farke shi. Sannan a ɗebi samfur daga tsakiyar buhu da gindinsa, domin yashi ya fi taki nauyi, girgizar mota kan tura shi ƙasa.

Gwaji biyu ne ba sa cin ko sisi. Na farko, a zuba cokali uku na yuriya a rabin kofin gilas na ruwa, a motsa. Ta gaskiya tana narkewa duka, kofin ya yi sanyi a hannu. Yashi kuwa zai kwanta a ƙasa. Sai dai gishiri ma yana narkewa, shi ya sa ake na biyu: a ɗora 'yan ƙwayoyi a murfin gwangwani a kan garwashi. Yuriya za ta narke kamar kitse, ta tashi da wari mai hawa hanci, gishiri kuwa sai ya yi ta tartsatsi yana nan yadda yake. Amma a san iyakar wannan dabara. Ba ta aiki a kan kamfa, wato NPK, domin ko na gaskiya yakan bar laka a gindin kofi, kuma ido ba ya bambanta 15-15-15 da wanda aka rage wa ƙarfi. Shi sai ɗakin gwaji. Abin da za mu yi masa shi ne mu rufe samfur a kwalba biyu, a rubuta kwanan wata, mai kaya da masu duba su sa hannu, ɗaya ta zauna a ofishin ƙungiya har a yi girbi.

Wani zai ce, ni ma saye na yi, ban haɗa ba. Gaskiya ne, kuma kai ne ka fi kowa cin moriyar wannan tsari, domin in an kama jabu mota na tsaye, dila ne zai koma da kayansa. In kuwa ya shiga gona, sunanka manomi ya sani. Wani zai ce talaka ne ke neman mai araha. To, lissafin da muka yi ya nuna buhun da aka rage wa kashi ɗaya cikin biyar, ko an sauke farashinsa da kashi ɗaya cikin goma, ya fi na gaskiya tsada. In kuɗin mutum bai kai buhu ba, a auna masa mai kyau da kwano. Wani kuma zai ce wannan aikin hukuma ne. Lalle akwai dokar kula da ingancin taki ta 2019, wadda ta haramta gauraye da tauye nauyi, kuma hukunci nata ne. Amma jami'i ba ya nan ranar da mota ta iso da asuba, mu muna nan. Kwalbarmu da littafinmu su ne shaidar da zai yi aiki da ita.

Saura masu tsoron kada abin ya zama hanyar hassada da tonon asiri. Maganinsa shi ne kowace mota a duba ta, ta shugaba ce farko, a gaban mai ita. Wanda aka samu da jabu karo na farko, a rufe kayan a mayar, ba tare da shela ba. Wanda ya sake komawa wajen dilan da littafi ya riga ya nuna, ya zaɓi ha'inci da saninsa, sai a cire shi daga ƙungiya a miƙa wa hukuma.

Ina roƙon shugaba, kafin a tashi daga zaman nan, a fitar da sunayen mutum biyar ɗin, a ware kuɗin sikeli da littafi da kwalabe, domin motocin takin noman rani su tarar da mu a shirye. Allah ya tsare mu da cin haram, ya ba manomanmu yabanya mai albarka.