Nawa Buhun Masara Ya Tsaya wa Manomi?

'Yan uwana ɗalibai, idan aka ce buhun masara ya kai kaza a kasuwar Dawanau, wannan farashin sayarwa ne. Akwai wani farashin da ba a faɗa a kasuwa, wato abin da manomi ya kashe kafin ya samu buhu ɗaya. Idan bai san shi ba, zai iya sayarwa da asara yana murna ya ga kuɗi a hannu. Lissafin rabawa ne irin wanda muke yi a aji: a tara duk abin da aka kashe, a raba da yawan buhunan da aka samu. Wahalar tana wajen tarawar.

Mu ɗauki manomin da ya shuka masara a hekta ɗaya. Kuɗin da zan sa na misali ne, domin farashi yana canjawa kowace damina.

Rasit na farko na iri ne. Ya sayi kilo 20, kowane kilo naira 1,500, ya zama naira 30,000.

Na biyu na taki ne, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Ya sayi buhu 4 na NPK a kan naira 45,000 kowanne, da buhu 2 na yuriya a kan naira 35,000. A jikin rasit an rubuta naira 250,000. To amma da damina ta ƙare, buhu ɗaya na NPK yana nan a ɗaki ba a ko kwance bakinsa ba. Wannan buhun bai shiga gonar ba, saboda haka masarar bana ba za ta ɗauki nauyinsa ba. A cire naira 45,000, saura 205,000. Rasit yana nuna abin da aka saya ne, mu kuwa abin da aka zuba a gona muke nema.

Sai ƙwadago. 'Yan ƙwadago ba sa ba da rasit, dole manomi ya riƙa rubutawa a littafi ranar da ya biya. A littafinsa akwai sharar gona 15,000, huɗa 35,000, shuka 12,000, noman farko 20,000, girbi da casa 38,000. Jimla 120,000. Maimai fa? Ba ya cikin littafi, domin 'ya'yansa ne suka yi kuma bai ba su ko sisi ba. A ganina dole a sa shi, don da yaran ba sa nan sai ya ɗauki wasu ya biya su kamar yadda ya biya a noman farko. A ƙara 20,000, ƙwadago ya zama 140,000.

Na ƙarshe kuɗin mota. Kai taki gona 5,000, ɗauko masara buhu 25 zuwa gida a kan 1,000 kowanne, 25,000. Duka 30,000.

Yanzu mu tara: 30,000 + 205,000 + 140,000 + 30,000 = 405,000. Mu raba da buhu 25, mu samu naira 16,200. Abin da buhu ɗaya ya tsaya masa ke nan. Don ka tabbatar, ninka 16,200 sau 25, dole ya koma 405,000. Idan a garinku buhu yana cin tiya 40, to kowace tiya ta tsaya masa naira 405. Duk wanda ya taya ƙasa da haka, daga aljihun manomi za a cika.

Da an bar ragowar takin nan a lissafi, da amsar ta fito 18,000, sai manomi ya ƙi ciniki mai riba yana zaton asara ce.

Wajen ƙirga buhu ma a yi hankali. A ƙirga duka, har da wanda za a ci a gida da wanda aka bai wa 'yan uwa, tunda gonar ce ta fitar da su. Kuma a bari masara ta bushe tukuna, domin ɗanya tana raguwa idan ta sha rana.

Idan ruwa ya ɗauke da wuri aka samu buhu 15 kawai fa? Kuɗin iri da na taki sun riga sun tafi, ba sa dawowa. A ce na ƙwadago ma bai canja ba, kuɗin ɗauko masara ne kawai ya sauka da 10,000. Jimla ta zama 395,000, a raba da 15, buhu ya tsaya kusan naira 26,333. Ku gwada da buhu 30 ku kawo amsar ranar taron kulob, amma kada ku manta kuɗin mota zai hau.