Yadda ake auna masaukin baƙi a Jidda kafin a ba matafiyi shawara

Yawancin Hausawan da ke kwana a Jidda kashi biyu ne. Akwai 'yan Umara da suka baro Makka suna jiran jirgin gida, akwai kuma 'yan kasuwa masu zuwa sarin jallabiya, abaya, turare da gwal a Balad da Bab Sharif. Ba kasafai suke sauka a manyan otal na bakin teku ba. Masaukinsu shi ne ƙaramin otal, ko gidan bene da aka yanka ɗaki-ɗaki da kayan ɗaki a ciki, wanda Larabawa ke kira shuƙaƙ mafrusha. Wanda ya kwana a irin wannan wuri, da ya koma gida sai a tambaye shi, shi kuma ya ce "wallahi wurin ba laifi". Da wannan magana wani zai ɗauko tsohuwar mahaifiyarsa ya kai ta can. Saboda haka nake ganin mai ba da bayanin masauki amana ce a wuyansa, kuma amanar tana fita ne idan ya faɗi abin da ya duba, da lokacin da ya duba, da ɗakin da ya duba.

Abu na farko shi ne rubuta kwanan wata, sunan unguwa, hawa na nawa, da ko tagar ɗakin tana kallon titi ko bayan gida. Jidda gari ne da ya sauya da sauri. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe manyan sassa na tsofaffin unguwanni irin su Sabil, Kandara, Hindawiyya da Karantina, don haka bayanin da aka yi a 2019 yana iya nuna wa mutum gidan abinci ko layin da babu su yanzu. A kantar karɓar baƙi kuwa, ka ɗaga kai ka nemi takardar lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido a bango. Masauki mai rajista zai karɓi fasfonka ya shigar da sunanka cikin tsarin rajistar baƙi na hukuma, sannan ya miƙo maka abinka. Idan aka ce fasfo zai kwana a hannunsu, ko aka ba ka makulli ba tare da an tambayi takarda ba, ka rubuta wannan a saman bayaninka.

Kada ka biya kafin ka ga ɗakin, kuma ka tabbata ɗakin da aka nuna maka shi ne za a ba ka. Da ka shiga, ajiye jaka a kan tayil kusa da ƙofa, kada ka ɗora ta a gado. Ka fara da hanci kafin a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta cike take da laima, ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba yakan yi warin ruma. Idan ƙamshin turaren fesawa ne ya tare ka da ƙarfi, ka jira minti goma ka sake shaƙa, domin sau da yawa wari ake rufewa da shi, na taba ko na magudana.

Daga nan sai gado. Yaye zanin daga ɓangaren kai, ka haska ɗinkin gefen katifa da fitilar waya, ka leƙa bayan allon gadon. Kuɗin cizo yana ɓuya da rana, amma yana barin shaida: ɗige-ɗige baƙaƙe kamar na biro, busasshen jini, da ɓawon jikinsa mai ruwan ƙasa. Masaukin da ayarin matafiya ke shiga suna fita kullum da manyan jakunkuna ya fi kowanne haɗarin wannan ƙwaro, kuma wanda ya kwaso shi a kaya har Kano zai kai shi. Ganin alama ɗaya ya isa a ce wa mutane kada su sauka, komai kyan sauran abubuwa.

Banɗaki ya fi ko'ina faɗin gaskiya. Ruwan Jidda daga teku ake tace shi, gidaje kuma suna tara shi a tanki na ƙasa, injin ya tura shi tankin saman bene. Buɗe famfo ka bar shi minti biyu, ka ga ko ƙarfinsa zai ragu, ko launinsa zai sauya. A watannin zafi ruwan tankin sama yakan yi zafin da ba ya taɓuwa da azahar, mai tafiya da ƙananan yara yana bukatar sanin haka. Zuba ruwa a ƙasa ka ga ko yana gangarawa magudana ko yana kwanciya a bakin ƙofa, ka gwada mesar tsarki, ka faɗi ko masan na zama ne ko na tsuguno, domin ga dattijo mai ciwon gwiwa wannan ya fi girman talabijin muhimmanci. Da dare ka koma ka kunna fitila farat ɗaya. Kyankyasai a lokacin suke fitowa.

Maganar tsaro, mutanenmu sun fi tunanin ɓarawo, ni kuwa wuta ta fi ba ni tsoro a irin waɗannan benaye. Ba shakka ka duba ko ƙofa tana da sakata ta ciki, ko akwai mutum a kantar karɓar baƙi da ƙarfe uku na dare, ko akwai akwatin ajiyar kuɗi, tunda ɗan kasuwa yakan riƙe kuɗi da gwal. Amma bayan haka ka bar lifta, ka sauko ta matakala da ƙafarka daga ɗakinka har titi. A nan ake tarar da tsofaffin katifu jibge a kwana, ko ƙofar fita da kwaɗo a jikinta. Tagogin ƙananan hawa galibi da ƙarafa, saboda haka matakalar nan ita kaɗai ce mafita. Duba tukunyar kashe gobara: allurarta tana kan kore, kuma takardar da ke jikinta ta nuna yaushe aka duba ta? Ɗaga kai ka ga ko akwai na'urar jin hayaƙi a silin, ko an naɗe ta da leda. Idan ɗakin yana da madafi da tukunyar gas, shinshina wajen tiyon. A bayanin ka sa wa mai karatu lambar gaggawa, 911, wadda ke aiki a yankin Makka har da Jidda. Mai zuwa tsakanin Nuwamba da Janairu kuma a gaya masa ko ɗakin a ƙasa yake kuma layin kwari ne, domin ambaliyar Nuwamba 2009 ta kashe fiye da mutum ɗari a garin, an kuma sake ganin ruwa mai yawa a Janairu 2011 da Nuwamba 2022.

Hayaniya ba a auna ta da rana. Jidda garin dare ne, da azahar tituna kan yi tsit, bayan isha'i kuwa kasuwa ke ci. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, don haka daren Alhamis ya fi kowane dare ƙara, a watan azumi kuma har sahur ake kaiwa. Ka saurara sau uku: wajen sha ɗaya na dare, wajen biyu, da bayan asuba. Kowane lokaci ka kashe na'urar sanyi na minti ɗaya, ka ji abin da ke shigowa daga titi, daga lifta, da daga maƙwabta. Sannan ka kunna ta ka ji nata kukan, domin tsohuwar na'ura irin ta cikin bango tana iya fin titin damu, kuma ba a iya barci a Jidda da zafi ba tare da ita ba. Idan akwai gini kusa, ka sani cewa daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, saboda haka magina kan fara da sassafe, daidai lokacin da matafiyi ya koma barci bayan salla.

Saura kuɗi. Tambayi farashin ƙarshe da haraji a ciki, domin tun Yuli 2020 harajin saye a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne, kuma ka karɓi rasiti. Rubuta kuɗin da riyal, wanda ke tsaye a kan 3.75 ga dala ɗaya. Lissafin naira ko sefa yana tsufa cikin 'yan watanni.

Arha da tsada kuma sun danganta da wanda zai kwana. A ce ɗaki kusa da Bab Sharif an yi maka riyal 150 ban da haraji, ya zama 172.5. A ce wani a arewacin gari, kusa da filin jirgin Sarki Abdul'aziz, 220 ne da komai. Ga hajiyar da ta zo sari na kwana huɗu, na farkon ya fi, domin da ƙafa za ta shiga kasuwa, ta dawo da kaya sau biyu ko uku a rana ba kuɗin tasi. Abin da za a duba mata shi ne ko lifta tana ɗaukar manyan ƙunshi, ko akwai wurin ajiye kaya, ko masu kargo suna zuwa ƙofar gidan. Ga iyalin da suka iso daga Makka da dare, jirginsu kuma da safe, idan suka sauka a na farkon, riyal 47.5 da suka rage zai tafi a motar da za ta ratsa gari da su zuwa filin jirgi, ga hayaniyar kasuwa har tsakar dare. Mai bin jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, a faɗa masa nisan masaukin da tashar Sulaimaniyya. Tambayi kuma ƙarfe nawa ake fita daga ɗaki, da abin da ake caji idan jirgi ya yi jinkiri aka ƙara sa'o'i.

Wajen rubutawa, fara da hukunci: wa ya dace ya sauka, wa bai dace ba. Sai shaidar ta biyo, kamar haka: "Hawa na uku, tagar baya, daren Alhamis a watan Agusta. Katifa ba alamar ƙwaro. Ruwa yana da ƙarfi amma da zafi har la'asar. Ƙofar matakala a buɗe take. Na faɗa musu fitilar banɗaki ta mutu, an gyara cikin rabin sa'a." Jimlar ƙarshen nan tana da amfani, domin kowane gida yana samun matsala, kuma yadda aka amsa kuka shi ne abin da baƙo na gaba zai tarar. Raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka. Ɗauki hoton katifa, famfo da matakala, amma ban da fuskokin ma'aikata ko baƙi, kuma kada ka kira kowa ɓarawo ko macuci, domin dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 tana hukunta ɓata suna da ɗaukar hoton mutane ba izini. Idan masaukin ya ba ka ragi ko kwana kyauta, faɗi haka a layin farko. Abin da ya shafi rai kuwa, kamar ƙofar fita a kulle, kada ka tsaya ga rubutu: kira 930, layin koke na Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, tun kana cikin garin.